Yadda Tasi, Babur da A Daidaita Sahu Ke Tona Garin da Aka Ɗauki Hoto

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kullum sai an turo mana hoton titi a waya, a ce ga ambaliya a Kano, ko ga tarzoma a Maiduguri, daga baya a ji ba can ba ne. Wani abokina ya ce daga launin tasi da a daidaita sahu ana iya gane gari. Da gaske ne? Me zan riƙa dubawa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokin naka bai yi ƙarya ba, sai dai akwai sharaɗi. Abin hawan haya ya fi ƙarfi wajen kore gari a kan tabbatar da shi. Mota guda a gefen hoto tana iya isa ka ce "wannan ba Kano ba ce" ka kwana da kwanciyar rai. Amma kafin ka ce "wannan Kano ce" kana buƙatar shaidu uku ko huɗu da suka yi baki ɗaya.

Abu na farko da nake so ka riƙe shi ne fenti iri biyu ne: akwai wanda abin hawa ya fito da shi daga kamfani, akwai wanda hukumar gari ko ƙungiyar direbobi ta tilasta a shafa. Na biyun shi ne mai amfani a gare mu. Tasi a ƙasashenmu galibi tsohuwar mota ce da aka shigo da ita daga Turai, wata baƙa, wata ruwan toka, wata ja. Kafin a bar ta ta ɗauki fasinja sai an kai ta wurin mai fenti an mayar da ita launin garin. Saboda haka launin tasi magana ce ta gida, garin ne ya zaɓe shi. Keke mai ƙafa uku ba haka yake ba. Bajaj da TVS, kamfanonin Indiya da suka cika kasuwarmu, a yalo suke sayar da mafi yawan kekunansu a Nijeriya, da tampol baƙi a sama. Keken da dila ya sauke a Kano da wanda ya sauke a Maiduguri ko Legas duk kamarsu ɗaya. A nan ne yawancin mutane ke faɗawa rami: sun ga a daidaita sahu yalo, sun ga mutane da manyan riguna da huluna, sai su rantse Kano ce. Alhali abin da suka gani bai wuce shaidar cewa hoton na wani yanki ne mai faɗi da ya taso daga arewacin Gana har Borno ba.

To sai mu fara da tasi da bas, tunda su ne masu magana.

A Legas tasi da danfo yalo ne da layuka baƙaƙe guda biyu da suka ratsa jiki daga gaba zuwa baya. Layukan nan su za ka nema, domin yalo zalla ya yi yawa a nahiyar. Tasin Yawunde da Duwala yalo ne, na Bamako yalo ne, na Injamena ma haka. Na Dakar yalo ne da baƙi, amma baƙin manyan ɓangarori ne na jikin motar, ba siraran layuka ba. Idan ka ga tasi yalo babu ratsi, duba abin da ke tafiya kusa da ita. A Bamako ba za ka daɗe ba ka hango korayen ƙananan bas na Sotrama. A Kamaru allon lamba ruwan lemo ne, kuma da haruffa biyu yake farawa masu nuna yanki: CE na yankin Yawunde, LT na yankin Duwala, NO na Garwa, EN na Marwa. A Injamena allunan shaguna za su haɗa Larabci da Faransanci.

Kore ma haka yake da rassa. Tasin Abuja kore ce mai farin layi a gefe. Ta Abeokuta kore ce mai ratsin yalo. Ta Wagadugu kore ce zalla, yawanci tsofaffin motoci da suka sha duniya. Mutum uku za su iya kallon hotuna uku kowa ya ce "koriyar tasi na gani", amma garuruwa uku ne a ƙasashe biyu. Shi ya sa nake cewa kada ka tsaya a babban launi. Launi na biyu, da wurin da aka shafa shi, nan ne sunan garin yake.

Akwai waɗanda da wuya su rikitar da kai in ka san su sau ɗaya. Fatakwal shuɗi ne da fari. Birnin Benin na jihar Edo ja ne da yalo. Ibadan kuwa ko launi ba ka gani ba samfurin motar ya isa: ƙananan Nissan Micra ne suka mamaye titi, an shafa musu ja mai duhu da ruwan madara mai ɗan yalo, kuma a ciki mutane sun fi kujeru yawa. A Yamai rufin tasi ja ne, jikin kuwa fari ya fi yawa, har da jan kan nan ake kiran ta. Gana ita ce mafi sauƙi a duk yankin: ko wane launi jikin tasi yake, kusurwoyinta huɗu, wato ɓangaren da ke saman kowace taya, yalo ne mai kama da ruwan lemo. Ban san wata ƙasa a kusa da ke yin haka ba, kuma doka ce ta ƙasa baki ɗaya, don haka za ta gaya maka Gana ce amma ba za ta raba maka Akara da Kumasi ba.

Abijan ta cancanci a tsaya a kanta, domin can launi har unguwa yake faɗa. Tasi mai mita, wadda ke zuwa ko'ina a birnin, ruwan lemo ce mai ja-ja. Su kuwa woro-woro, tasin haɗaka da ke zirga-zirga cikin ƙaramar hukuma guda, kowace da launinta: yalo a Kokodi, shuɗi a Yofugon, kore a wajejen Kumasi da Markori na Abijan ɗin. Idan hoto ya nuna tasi ruwan lemo jefi-jefi a tsakanin shuɗaye masu yawa, ba Abijan kaɗai ka samu ba, ka ma kusa sanin ɓangaren da mai hoton ya tsaya.

Sai babur. Shi samfurinsa ba ya taimako sosai, domin Bajaj Boxer ya cika gari da ƙauye tun daga Sakkwato har Kampala. Abin dubawa shi ne wa ke kai, me ya sa a jikinsa, kuma shin an yarda ya ɗauki fasinja a wannan garin. A Kwatano 'yan zemijan, wato 'yan acaɓan can, riga yalo suke sawa mai lamba a baya, kuma suna da yawan da idan danja ta tsayar da su sai ka ga titi ya zama yalo. Ka matsa Porto-Novo, tafiyar da ba ta kai kilomita 40 ba, rigar ta koma shuɗiya. A Wagadugu baburan sun fi motoci, amma na mutane ne ba na haya ba: ƙanana marasa tanki a gaba, mata da yawa ke tuƙa su da jaka a rataye da goyo a baya, kuma manyan tituna suna da wani layi daban na masu ƙafa biyu. A Kigali kuwa direba da fasinja kowa da hular kwano, abin da in ka gani a layi guda na babura ashirin ka san ba arewacin Nijeriya kake kallo ba.

A Nijeriya abin da babu shi a hoto yakan fi abin da ke ciki magana, saboda hane-hanen da aka yi wa 'yan acaɓa, kuma kowane hani da shekararsa. An fitar da su daga tsakiyar Abuja a 2006, lokacin Nasiru El-Rufa'i yana minista. An hana babura a Maiduguri a watan Yulin 2011 saboda hare-haren da ake kaiwa a kansu. A Kano gwamnatin Kwankwaso ta hana ɗaukar fasinja a babur a watan Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Legas ta hana okada da keke a wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, a Fabrairun 2020, ta sake ƙarfafa hanin okada a Yunin 2022. Ma'anar wannan a aikace ita ce: hoton da aka ce tsakiyar Maiduguri ne a bana, kuma ga babura birjik, akwai matsala a cikinsa. Ko dai ba garin ba ne, ko kuma hoton ya tsufa.

Kano tana buƙatar hattara a nan. Hanin bai kawar da babura daga titi ba, mutane na hawa nasu, magidanci na goya iyalinsa, ɗalibi na goya abokinsa. Ganin mutum biyu a babur ba hujja ba ce. Alamar acaɓa ita ce tasha: babura iri ɗaya a jere a bakin mahaɗa ko ƙofar kasuwa, direbobin zaune a kai suna kallon masu wucewa, babu kaya babu fasinja. Wannan ita ce ba za ka saba gani a ƙwaryar birnin Kano ba tun 2013, amma za ka gan ta a Sakkwato, da Maraɗi, da Damagaram, da Garwa.

Allon lamba shi ne shaidar da ke ɗaure sauran, kuma ko hoton ya dushe launinsa yakan fito. A Nijeriya allon fari ne mai taswirar ƙasa kore a tsakiya. Rubutu shuɗi na motar gida ne, ja na haya, kore na gwamnati. A tsarin da aka fara a 2011 haruffa uku na farko suna nuna ƙaramar hukumar da aka yi rajista: KMC da FGE da DAL da NSR na cikin Kano ne, KJA Ikeja ce, ABJ da KUJ da BWR na Abuja ne. A sama akwai sunan jiha da kirarinta, Centre of Commerce ga Kano, Centre of Excellence ga Legas, Centre of Unity ga Abuja. Sai dai kada ka yarda da lambar motar gida. Masu kuɗi a ko'ina suna son lambar Abuja ko Legas, kuma mota na tafiya. Lambar keke da tasi ta fi riƙon amana, tunda da wuya ɗan sahu ya bar garin da yake biyan kuɗin ƙungiya da harajin kullum. Haka nan lambar da hukumar gari ke rubutawa ko liƙawa a jikin keken, irin ta KAROTA a Kano, ta fi launin keken daraja nesa ba kusa ba.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce an turo maka hoto da rubutu a ƙasa: ruwa ya cinye titi a Kano yau da safe. A cikinsa ruwa ya kai rabin taya, ga kekuna yalo guda uku, ga hasumiyar masallaci a can baya, ga wani dattijo da jallabiya ya naɗe wando, ga jar ƙasa a gefen kwalta. Kallon farko babu abin da ya saɓa.

Kada ka fara da tsakiyar hoton, can ne mai turowa yake so idonka ya tsaya. Fara da gefe-gefe da can baya, ka ƙara girman kowane abin hawa ɗaya bayan ɗaya. Tambayar farko: ta wane hannu ake tuƙi? A misalinmu motocin suna bin dama, sitiyari a hagu. Wannan ya fitar da Indiya da Kenya da Yuganda da Tanzaniya, inda ake bin hagu, kuma ba ƙaramin abu ba ne, domin kekunan birnin Chennai na Indiya yalo ne kuma hotunan ambaliyar Indiya sukan yi yawo a wayoyinmu da sunan garuruwanmu. Nijeriya ta koma dama tun 1972, Gana a 1974, maƙwabtan da Faransa ta mulka kuwa dama can a dama suke. Amma kafin ka dogara da wannan, nemi rubutu ko da na kwalin talla ne ka tabbatar ba a juye yake ba, saboda masu satar hoto sukan kifa shi hagu ya koma dama don kada a gano asalinsa.

Na biyu, baburan. Akwai guda biyar a hoton, biyu daga ciki mata ne ke tuƙawa, da mayafi, ɗaya da yaro a baya. A Kano mace a kan sitiyarin babur abu ne da ba a saba gani ba, balle biyu a hoto guda. Wannan bai yanke hukunci ba, amma ya isa ya sa ka gyara zama.

Na uku, can bayan keke na biyu akwai gindin wata ƙaramar mota ruwan toka, rabinta kawai ya fito. Ka ƙara girma sai ka ga ɓangaren da ke saman tayar baya yalo ne, launin da ya bambanta da sauran jikin, kuma allon lambarta yalo ne da baƙin rubutu. A Gana allon motar haya yalo ne, na motar gida fari. A Nijeriya babu allon haya mai wannan kama. Daga nan Kano ta fita, kuma ba da shakka ba.

Saura wane gari a Gana. Kekuna masu yawa, babura masu yawa da mata a kai, masallaci, jar ƙasa da sararin da babu manyan itatuwan kurmi, duk suna nuni da arewa. Idan haruffan farko na allon suka karantu ka ga NR, to rajistar yankin Arewa ce, wanda Tamale ce hedikwatarsa, garin da mutanensa ke kiran keken da yalo-yalo. Da AS ka gani, hankalinka sai ya koma Kumasi, inda ake ce masa faragiya, kuma unguwannin zango na can ma suna da masallatai da masu jallabiya. Lura da yadda ƙarfin hujjar ya sauka mataki-mataki. "Ba Kano ba ce" tabbas ne. "Gana ce" kusan tabbas ne. "Tamale ce" zato ne mai ƙarfi, wanda sai ka samu sunan shago, ko allon hanya, ko ginin da za ka iya daidaita shi da wani hoton garin kafin ka faɗe shi a bainar jama'a. In za ka mayar wa wanda ya turo amsa, faɗi kowanne da nauyinsa.

Inda dabarar ke raunana shi ne tsakanin garuruwan da suka yi kama da juna ta kowace fuska. Kano da Katsina da Dutse da Gusau, keke yalo ne, sutura ɗaya, gini ɗaya, kuma tasi mai fenti ta ja baya ƙwarai a yawancinsu tun da keke ya karɓe ƙananan tafiye-tafiye. Idan hoton bai nuna allon lamba ko lambar jikin keke a fili ba, launi ba zai raba maka su ba, kuma wanda ya ce maka ya gane daga launi cika baki yake yi. Abin da za ka iya aunawa shi ne yawa: titi mai layi uku da kekuna suka cika shi maƙil har ƙarshen gani, da gadar sama a baya, ya fi kama da Kano a kan ƙaramin gari. Maraɗi da Damagaram ma yanzu suna da a daidaita, da sunan da komai, to a can sai ka koma ga rubutun Faransanci a alluna, da allon lamba marar taswirar Nijeriya, da 'yan kabu-kabu da ke aiki kafaɗa da kafaɗa da kekunan.

Akwai kuma abubuwan da ke ɓata launin kansa. Ƙurar hunturu tana mayar da fari ruwan ƙasa, shuɗi ya koma toka. Fitilar titi mai ruwan lemo da daddare tana sa farar mota ta zama yalo. Hoton da aka tura daga waya zuwa waya sau da yawa yakan rasa siraran layuka gaba ɗaya, sai tasin Legas ta koma kamar ta Duwala. Maganin wannan shi ne ka nemi abin da ka san launinsa a cikin hoton, kamar farin layin kwalta ko farar riga, ka ga yadda ya fito. In shi ma ya rine, to kada ka amince da sauran launukan. Sannan mota ɗaya ba gari ba ce. Ana sayar da tsohuwar danfo a kai ta wata jiha ta yi watanni da fentinta na Legas, kuma tashar motocin nesa tana tara launukan jihohi da yawa a fili guda. Ƙirga. Idan bakwai cikin goma na motocin haya launi ɗaya ne, shi ne na garin, sauran daga wani wuri suka zo. Motocin da ake kira ta manhajar waya kuwa ba su da fenti ko kaɗan, shi ya sa sabbin hotunan manyan unguwannin Legas da Abuja sukan fito babu tasi ko ɗaya da za ka gane.

Wani lokaci garin daidai ne, shekarar ce ƙarya, kuma abin hawan nan dai shi ke tona ta. Kekunan a daidaita sahu sun shigo Kano ne a zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, a tsakiyar shekarun 2000, da farko don ɗaukar mata, kuma ba su mamaye titi ba sai bayan hanin 2013. A Legas tun zamanin Buba Marwa, wanda ya mulki jihar daga 1996 zuwa 1999, ake da su, shi ya sa ake kiransu da sunansa. A Alƙahira fararen tasi sun fara maye gurbin tsofaffin masu baƙi da fari ne daga 2009. Don haka in aka turo maka hoton Kofar Nasarawa ko Bata, ka tabbatar wurin ne, amma ka ga tekun 'yan acaɓa da hayis-hayis, keke ɗaya ko biyu kacal, kuma allunan lamba irin na tsohon tsari ne masu farawa da haruffa biyu, to hoton Kano ne na gaske, amma an ɗauke shi kafin 2013, ko da wane labarin yau aka liƙa masa a ƙasa.